Ciwon da ke tashi daga ƙugu ya gangara ƙafa: wanda ake jira ya lafa da wanda ba a kwana da shi

Akwai ciwon baya na gajiya, wanda zaka kwanta ka tashi ka nemeshi ka rasa, akwai kuma wannan da yake tashi daga ƙugu ya ratsa ɗuwawu ya bi bayan cinya ya wuce gwiwa, wani lokacin har yatsun ƙafa, kuma kusan kullum ƙafa ɗaya yake kamawa. Shi ne likitoci ke cewa sayatika. Masu shi in suna bada labari zaka ji suna cewa kamar lantarki ya ja su, ko zafi kamar wuta, ko tsuka, ko ƙafar tayi ta mimmirniya kamar an daɗe zaune a kanta. Abin da yafi ɗaure wa mutane kai shi ne ƙafar ce tafi ciwo, bayan ma wani sa'in ba wani ciwo yake ba, sai mutum ya duƙufa shafa magani a sharaɓa da matsa cinya alhali ba can matsalar take ba.

Jijiyar da ake magana ba jijiyar jini bace, jijiyar laka ce, irin wadda ke kai saƙon ji da na motsi, kuma ita ce mafi girma a jikin mutum gaba ɗaya. Saiwoyinta guda biyar ne suke fitowa ta ƴan kafofi a ƙasan ƙashin baya, su ne zaka ga an rubuta L4, L5, S1, S2, S3 a takardar asibiti, sai su haɗu su zama jijiya ɗaya mai kauri ta gangara ta ɗuwawu zuwa bayan cinya, a wajen bayan gwiwa ta rabu biyu. To tsakanin kowane ƙashin baya da na ƙasansa akwai wani faifai na guringuntsi, gefensa tauri cikinsa laushi, shi ke shanye nauyi in kayi tsalle ko ka ɗauki kaya. Idan gefen nan ya tsage, na cikin ya bulluƙo, yana iya taɓa saiwar jijiyar da ke wucewa ta wajen. Wannan shi ne sanadin mafi yawan sayatika, kusan tara cikin goma, kuma galibi a faifai biyu na can ƙasa ne, L4-L5 da L5-S1, don su ke ɗauke da nauyin gangar jiki. Ƙwaƙwalwa kuwa bata san inda aka danne jijiya ba, ita dai tasan inda jijiyar ke kai saƙo, shi yasa zaka ji ciwon a ƙafa. Ka tuna in ka buge gwiwar hannu yadda ƙaramin yatsa ke ɗaukar zir, alhali ba shi ka buge ba, to haka abin yake.

Kuma ba dannewar kaɗai ke kawo ciwon ba. Abin nan mai laushi da ya fito yana sa saiwar jijiyar ta kumbura ta yi fushi, kumburin nan shi ne rabin azabar. Wannan bayanin yana da amfani don shi zai sa ka gane dalilin da yasa yawancin masu sayatika suke warkewa ba tare da an taɓa su da wuƙa ba: kumburin yana sauka da kansa, sannan jiki yakan cinye ɓangaren faifan da ya fito a hankali cikin watanni. Abin mamaki ma, waɗanda suka fito sosai har suka gutsure su suka fi saurin motsewa.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce direba ne ɗan shekara 42, yini yake a zaune a mota, wata rana ya sunkuya ya ɗago taya ya ɗan murɗa jiki sai yaji wani abu ya soke shi a ƙugu. Kwana biyu bayan ya riƙe, rana ta uku bayan ya ɗan saki amma sai ciwo ya sauko ɗuwawun dama, ya bi gefen cinya da gefen ƙwauri ta waje ya hau saman ƙafa har babban yatsa. In ya zauna minti goma sai ya tashi, in yayi tari ko atishawa ko yunƙuri a banɗaki sai yaji abin ya harba har ƙasa, in yana tafiya kuma ya ɗan fi jin dama. Likita tun kafin ya taɓa shi ya riga ya fara zargin L5, saboda hanyar da ciwon ya bi. Da a ce ta bayan sharaɓa ya bi ya sauka diddige da tafin ƙafa da ƙaramin yatsa, da S1 za a zarga. Tari da atishawa suna ƙara matsi a cikin bayan ne shi yasa suke tsokano shi, zama ma haka, musamman zaman da mutum ya lanƙwashe.

Sai gwaji. Zai kwantar da shi rigingine ya ɗaga ƙafar a miƙe ba tare da lanƙwasa gwiwa ba, idan ciwon nan dai da ya kawo shi ya harba har ƙasan gwiwa tun ƙafar na tsakanin digiri 30 zuwa 70, alama ce jijiyar ce. Jan da kowa ke ji a bayan cinya in an ɗaga ƙafa ba shi ake nufi ba fa, wannan tsoka ce kawai. Sannan zai ce ya yi tafiya a kan diddige, ya yi a kan yatsu, ya ɗaga babban yatsa sama likitan na danna shi ƙasa. Wanda L5 ɗinsa ta raunana tafiya kan diddige zata gagare shi, wanda S1 ce kuma ɗage a kan yatsu ne zai gagara. Waɗannan gwaje-gwajen biyu kowa zai iya yinsu a ɗaki yana dafa bango, kuma ni a ganina duk mai sayatika ya kamata ya riƙa yinsu kullum da safe, don su ne zasu gaya maka ko ciwo ne kawai ko kuwa ƙarfin ƙafar ya fara tafiya.

A ce direban namu ya yi duka lafiya, ƙarfi na nan, fitsari da bayan gida ba matsala, ba zazzaɓi. Nan ne mutane da yawa ransu ke ɓaci, don likita zai ce ba sai anyi hoto ba yanzu, su kuma gani suke an yi musu rowar bincike. Gaskiya ba rowa bace. Hoton ƙashi na eksire baya nuna faifai baya nuna jijiya, ƙashi kawai yake nunawa. Hoton MRI, wanda ake shigar da mutum cikin na'ura a ɗauka, shi ke nunawa, amma shi kuma yana nuna abin da ya wuce buƙata. A 1994 an yi wa mutum 98 da basa jin ciwon baya ko kaɗan MRI a Amurka, aka samu sama da rabinsu faifansu ya ɗan turo a wani wuri. Wato zaka iya ganin abu a hoto wanda ba shi ke maka ciwo ba, ka tashi da fargaba kana ganin bayanka ya lalace. Kuma a makonnin farko ko anyi hoton ko ba a yi ba maganin ɗaya ne. Ana yinsa ne idan akwai alamar haɗari, ko ciwon ya ƙi sauka bayan mako shida ko fiye har an fara maganar allurar baya ko tiyata.

To me zai yi a gida? Na farko kar ya kwanta ya miƙe kwana da kwanaki. A da haka ake cewa, a kwanta mako biyu a kan abu mai tauri, yanzu an gane kwanciyar bata saurin warkar da komai, sai ma ta sandarar da baya ta raunana tsoka. In ciwon ya tsananta a kwana ɗaya ko biyun farko ba laifi ya kwanta, amma ya riƙa tashi yana ɗan zagayawa, minti biyar, minti goma, sau da yawa a rana, yana ƙarawa a hankali. Ga direba dai zaman ne babban abokin gaba, in dole sai ya tuƙa to ya riƙa tsayawa duk bayan rabin awa ya miƙe ya taka, ya cire walat daga aljihun baya, ya matso kujerar don kar ya riƙa miƙa ƙafa yana neman totur. In kuma ƙafar da yake taka birki ce ta yi sanyi ko ta mutu, ba maganar tuƙi sam. Wajen barci, kwanciya ta gefe da filo tsakanin gwiwoyi ko rigingine da filo a ƙarƙashin gwiwoyi tana sassauta jijiyar. Gashi da ruwan ɗumi a ƙugu na minti 15 zuwa 20 yana taimaka wa wasu, sai dai kar a ɗora abu mai zafi a wurin da ya riga ya mutu baya ji, mutum sai ya ƙone bai sani ba.

Maganar motsa jiki, akwai wata alama da masu fisiyo, wato ma'aikatan asibiti masu gyaran jiki da atisaye, ke amfani da ita wadda ta fi duk wani jerin atisaye da zaka gani ana yawo da shi. Duk motsin da kayi ka lura ina ciwon ya nufa. Idan yana janyewa daga yatsu ya dawo sharaɓa, daga sharaɓa ya dawo cinya, daga cinya ya dawo ƙugu, to hanya kake, ko da bayan ya ɗan ƙara ciwo. Idan kuma motsin na tura shi ƙasa, yau a gwiwa gobe a idon sawu, bar wannan motsin. Masu matsalar faifai da yawa suna jin sauƙi in sun kwanta rub da ciki suka ɗan ɗago ƙirji a kan gwiwar hannu, amma ba kowa ba. Dattijon da nasa ya samo asali daga tsukewar hanyar laka saboda shekaru shi akasin haka ne, tsayuwa da tafiya ke tayar masa, in ya zauna ko ya ɗan sunkuya sai ya lafa. Shi yasa atisayen da ya yi wa wani aiki zai iya ƙara wa wani. Sannan miƙe ƙafa a ja yatsu da ƙarfi wai ana miƙar da jijiya, a makon farko tsokanar ciwo ne kawai.

Magunguna kam a nan sai a yi gaskiya, babu wanda ke aikin a zo a gani a kan sayatika. Ana fara gwada irinsu ibufurofen, naforoksen ko dikilofenak, guda ɗaya daga ciki ba haɗawa ba, bayan cin abinci, na ɗan gajeren lokaci. Ibufurofen ga babba galibi miligiram 400 ne, kar ya wuce sau uku a rana in ba likita ne ya ce ba. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya ko hawan jini, mai shan maganin tsinka jini, da mai ciki, duk sai sun tambaya kafin su sha. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya sha dikilofenak da safe, ibufurofen da rana, ya ƙara da wani haɗi da bai san me ke ciki ba da dare, duk dangi ɗaya ne, ciwon bai ragu ba ya jawo wa kansa zubar jini a ciki. Farasitamol ya fi sauƙin illa amma shi kaɗai bai cika taɓuka komai ba a wannan ciwon. Firegabalin da gabafentin kuma ana rubuta su sosai da sunan maganin jijiya, amma wani gwaji da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2017 ya nuna firegabalin bai fi maganin bogi rage ciwon ƙafar ba, sai jiri da ya ƙara wa mutane, kuma tun 2020 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Birtaniya ta ce kar a riƙa bada su don sayatika. Tiramadol da ƴan uwansa kuwa in an kwana biyu ana sha jiki sabawa yake, fita ta zama aiki.

Yawancin mutane irin direban nan zuwa mako huɗu ko shida sun samu sauƙi sosai, wasu sai sun kai wata uku, mimmirniyar yatsa kuma takan zauna ta fi ciwon daɗewa. In an kai mako shida zuwa takwas yana nan jiya i yau, baya barci baya aiki, to lokacin MRI ya yi, kuma in hoton ya dace da inda yake jin ciwon sai a zauna maganar allurar rage kumburi da ake yi kusa da saiwar jijiyar, wadda sauƙinta na makonni ne zuwa ƴan watanni, ko kuma tiyatar da ake cire ɗan gutsuren faifan. A 2007 an wallafa wani bincike daga Holan na mutum 283 da suka yi mako shida zuwa 12 da sayatika, aka yi wa rabi tiyata da wuri, rabi aka ci gaba da jira sai in ta kama. Waɗanda aka yi wa da wuri ƙafarsu ta fi saurin daina ciwo, amma da shekara ta zagayo kusan duk ɗaya suke. Kenan a irin wannan yanayin tiyata lokaci take saya maka, kuma ciwon ƙafa take magani fiye da ciwon bayan.

Yanzu mu juya labarin. A ce a mako na biyu direban ya tashi da safe yaji ciwon ya ragu, har yana murna, amma ya shiga banɗaki fitsari ya ƙi zuwa sai da ya yi ta yunƙuri, ya zo kuma baya jin fitarsa sosai, da yazo tsarki yaji wajen kamar ba jikinsa ba. Ɗaya ƙafar ma ta fara tsuka. Wannan ba sauƙi bane, wannan shi ne abin da ake tsoro. Laka tana ƙarewa ne a wajen ƙashin baya na L1 zuwa L2, wato saman ƙugu, daga nan ƙasa saiwoyin jijiyoyi ne a tattare a cikin rami ɗaya, cikinsu har da masu kula da mafitsara, dubura da al'aura. Idan faifai ya fito da yawa ta tsakiya sai ya matse su gaba ɗaya, likitoci na kiran wannan koda ikwaina. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru awoyi ake ƙirgawa ba kwanaki ba, don jijiyar da ta daɗe a matse bata cika dawowa daidai ba, mutum na iya ƙarewa da robar fitsari ko rashin riƙe bayan gida ko mutuwar gaba har ƙarshen rayuwa. Kuma jijiyar da ta fara mutuwa tana iya daina kai saƙon ciwo, shi yasa raguwar ciwo tare da ƙaruwar mutuwar jiki ba abin murna bane.

Anan ne nake ganin mutane suka fi yin kuskure, da tsananin ciwo suke auna haɗari. Wanda ke ihu yana birgima amma ƙafarsa da ƙarfi, fitsarinsa lafiya, galibi shi zai warke da kansa. Wanda ke cewa ai da sauƙi sai dai tsakanin cinyoyina ya yi wani iri, shi ne na gaggawa. Don haka mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, kewayen dubura ko al'aura, wahalar fara fitsari ko rashin jin mara ta cika, fitsari ko kashi ya zubo ba a sani ba, sayatika ta kama ƙafa biyu lokaci guda, ko canji kwatsam a wajen jin saduwa ko ƙarfin gaba, ko ɗaya daga ciki aka gani sashen gaggawa za a nufa a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne. Kar a jira sai fitsari ya fara zuba da kansa, in an kai nan an riga an makara da yawa. Kunya ma tana ɓata wa mutane lokaci a nan, mutum ya je gaban likita ya yi ta maganar ƙafa ya kasa ambaton abin da ke faruwa a ƙasa.

Ƙasa da wannan kaɗan akwai raunin ƙafa. In ka ga silifa na zamewa daga ƙafarka, yatsu na jan ƙasa kana tuntuɓe, ko jiya ka iya tafiya kan diddige yau ka kasa, wannan na ganin likita ne a ranar ko washegari, musamman in kullum ƙaruwa yake. Sai kuma waɗanda ke nuna wataƙila ba faifai bane ma tun farko: zazzaɓi ko zufar dare tare da ciwon bayan, rama ba dalili, ciwon da baya lafawa ko ka kwanta har yana tada kai cikin dare kullum, wanda ya taɓa yin kansa, wanda garkuwar jikinsa ta yi ƙasa, ko ciwon ya biyo bayan haɗari ko faɗuwa, musamman ga tsoho. Tarin fuka ma yana kama ƙashin baya ba huhu kaɗai ba, kuma a hankali yake cin mutum. Waɗannan ba a basu mako shida, cikin kwanaki ake son a duba, in da zazzaɓi mai zafi kuwa a ranar. Haka in sharaɓa ɗaya ta kumbura ta yi ɗumi tana ciwo in an matsa, sayatika bata kumbura ƙafa, ana tsoron gudan jini ne, shi ma ranar za a je kuma kar a matsa shi.

In ta kai ga zuwa gaggawa saboda alamun mafitsara, kar ka tsaya a "bayana ke ciwo" don za a sa ka a layin masu ciwon baya. Ka faɗa kai tsaye tun a teburin farko cewa kana da sayatika kuma tun ƙarfe kaza ka daina jin fitar fitsari ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, ka faɗi lokacin da ya fara daidai gwargwado. Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne a gwada ji a wajen, a duba yawan fitsarin da ya rage a mara bayan ka yi, sannan a yi MRI na gaggawa, in asibitin basu da na'urar su tura ka inda take a ranar. Ka je da wanda zai tuƙa ka, kuma ka tambaye su kafin ka ci ko ka sha wani abu, don in hoton ya tabbatar tiyata za a shiga ba da jimawa ba.